Mahaɗin Gayyatar Zauren WhatsApp: Soke Shi da Tantance Masu Shiga

Mahaɗin gayyata, wanda aka fi sani da linki, adireshi ne na musamman da manhajar WhatsApp ke samar wa kowane zaure, ko guruf, domin mutane su shiga da kansu ba sai mai kula da zauren ya adana lambobinsu ya saka su ɗaya bayan ɗaya ba. Manhajar ta kawo tsarin a shekarar 2016. Mahaɗin yana farawa da `https://chat.whatsapp.com/`, sannan jerin haruffa da lambobi su biyo baya, kuma ana iya raba shi ta siffar lambar QR da ake ɗauka da kyamarar waya.

Raunin mahaɗin shi ne bai san wanda aka aika wa ba. Duk wanda ya riƙe shi, ko an ba shi ko ya tsinta, zai iya shiga matuƙar zauren bai cika mutum 1,024 da manhajar ta ƙayyade ba, kuma da shigarsa zai ga lambobin wayar mambobi da duk saƙon da aka turo daga wannan lokaci. A watan Fabrairun 2020 an gano cewa ana iya samun ɗimbin irin waɗannan mahaɗai ta binciken Google, saboda masu su sun wallafa su a shafukan da kowa ke iya gani.

Soke mahaɗi aikin mai kula da zaure ne, wato admin. Zai buɗe zauren, ya taɓa sunansa a sama, ya shiga `Invite via link`, sannan ya zaɓi `Reset link` ya tabbatar. Nan take tsohon mahaɗin da lambar QR ɗinsa za su daina aiki, sabo ya maye gurbinsu, kuma wanda ya taɓa tsohon zai ga sanarwar cewa an sauya shi. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin sokewa ƙofa kawai take rufewa: wanda ya riga ya shiga yana nan daram har sai an cire shi da hannu, kuma lambobin da ya kwafa sun riga sun fita.

A watan Maris na 2023 WhatsApp ta ƙara tsarin neman amincewa. Idan admin ya shiga `Group permissions` ya kunna `Approve new members`, mahaɗin ba ya shigar da kowa kai tsaye, sai dai ya miƙa buƙatar mai son shiga, wadda za ta zauna a jerin masu jira har a amince ko a ƙi. Mai jira ba ya ganin hirar zauren. Abin da admin ke gani ɗan kaɗan ne, wato lamba da sunan da mutum ya sa wa kansa, wani lokaci da hoto, kuma suna da hoto abu ne da kowa zai iya ara. Saboda haka tantancewa ta gaskiya a wajen manhajar take faruwa, ta kiran lambar ko tambayar wanda ya san mai ita.

A ɗauki misalin zauren iyayen yara na wata makarantar Islamiyya mai mutum 180, wanda wani mahaifi ya sa mahaɗinsa a Facebook da kyakkyawar niyya. Cikin kwana biyu sai layukan `joined using this group's invite link` suka yawaita a gaban baƙin lambobi, sannan aka fara kiran iyaye ana cewa za a yi taro ta intanet, kowa ya karanto lambobi shida da aka turo masa. Waɗannan lambobi na rajistar WhatsApp ne, kuma wanda ya bayar da su ya miƙa asusunsa ga ɗan damfara.

Tsarin gyaran yana da muhimmanci. Admin zai fara kunna neman amincewa, sannan ya soke mahaɗin, domin idan sabon ya sake fita kafin a gama aiki kada kowa ya wuce. Bayan haka zai gwada jerin mambobi da rajistar makaranta ya cire duk lambar da ba a san mai ita ba, ya gargaɗi iyaye kan lambobin nan shida, kuma sai a ƙarshe ya aika sabon mahaɗin ga waɗanda ake jira, kowa shi kaɗai. Idan ya raba sabon a cikin zauren alhali baƙin suna nan, ya ba su sabon makulli da hannunsa, su nemi shigowa da wasu lambobinsu.

Manhajar Telegram ta fi faɗi a wannan fanni, domin tun 2021 tana barin admin ya ƙirƙiri mahaɗai da yawa ga zaure ɗaya, ya sa wa kowanne ranar ƙarewa ko adadin masu shiga, kuma ya soke wanda ya fita da `Revoke Link` ba tare da ya taɓa sauran ba.