Yadda ake mayar da silaid ɗin jawabin taro takardar rabawa

Malam, na gabatar da maƙala a taron ma'aikatan lafiya kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara da damina. Silaid 24 ne, minti 20. An ce in kawo takardar da za a raba. In buga silaid ɗin kawai, shida a kowane shafi?

Malama, kada ki yi haka. Silaid rabin jawabi ne, ɗaya rabin yana bakinki. A ɗakin taro, da aka haska zanen ƙididdiga mai taken "Sakamako", ke ce kika tsaya kika nuna da hannu kika ce ga inda matsalar take. Wanda zai ɗauki takardar bayan wata uku, ko wanda aka tura masa ita ta waya bai ma je taron ba, zanen kawai zai gani, babu mai yi masa bayani. Saboda haka takardar rabawa sabon rubutu ce, kuma daga abin da kika faɗa da baki za ki gina ta.

Ki rufe kwamfuta tukuna. Ki ɗauki biro ki rubuta abin da kike so mutum ya tuna in an tambaye shi bayan mako guda. In kin gama, ki buɗe silaid ɗin ki rarraba su. Shafin take, na jerin abubuwan da za a tattauna, hoton garin da aka yi binciken, da na "Na gode, akwai tambaya?" duk ba su da wurin zama. Silaid uku na bayanin yadda aka yi binciken su koma sakin layi ɗaya. A cikin zanukan ƙididdiga ki zaɓi ɗaya ko biyu da hujjarki ta dogara a kansu. Abin da ya rage ya kamata ya shiga takarda ɗaya mai girman A4, gaba da baya: gaba ta ɗauki take, sunanki, sunan taro da kwanan wata, sai muhimman darussa da zane, baya ta ɗauki ƙarin bayani da manazarta. Takarda ɗaya ba ta buƙatar a haɗa ta da fil, ba kuma a rasa shafinta na biyu a cikin jaka.

To sai na sake buga komai da hannu?

A'a. A PowerPoint ki shiga View > Outline View, za ki ga rubutun silaid ɗin a jere, ki kwafe shi zuwa Word. Amma ki lura, abin da aka rubuta a gurbin take da gurbin rubutu na asali kaɗai yake nunawa. Duk abin da kika sa a akwatin da kika zana da kanki, ko a cikin jadawali, ba zai fito ba. Idan kuma kin rubuta bayanai a ƙarƙashin kowane silaid, File > Export > Create Handouts zai kai silaid da bayanan cikin Word, a manhajar Windows. Abin da ya fito kayan aiki ne kawai, rubutun kuwa yana gabanki.

Yaya ake rubuta muhimman darussan?

Nan ne mutane suka fi zamewa. Sai ka ga an rubuta "Muhimmancin wayar da kai" ko "Ƙalubalen rabon magani". Waɗannan kanun magana ne, ba su gaya wa kowa komai ba. Darasi cikakkiyar jimla ce, wadda wani zai iya yarda da ita ko ya musa.

Mu ɗauki naki. Maganin nan na kwana uku ne a kowane zagaye na wata: ranar farko mai rabawa ne ke bai wa yaro a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuma a hannun uwa ake bari. A ce abin da kika gano shi ne a waɗannan kwana biyun ake yawan fashi. Silaid ɗinki na 15 yana cewa "Bin ƙa'idar shan magani", da zane a ƙasa. A takarda sai ya zama: "Yawancin fashin shan magani a rana ta biyu da ta uku yake faruwa, bayan mai rabawa ya tafi, don haka komawa gidajen ya fi ƙara yawan masu rabawa amfani." Sai ki ɗora adadin da kika samu, tare da yawan gidajen da kika bincika da shekarar. Kaso cikin ɗari da ba a faɗi daga cikin nawa ba, mai hankali ba zai ɗauke shi ba.

Darussa uku zuwa biyar sun isa. Idan kika kai goma, kin sake jera silaid ɗin ne da wata siga. Kuma ki sa su a saman shafin farko. A jawabi ana ajiye kammalawa sai ƙarshe domin a riƙe hankalin jama'a, shi kuwa mai karatu yana iya tsayawa a layi na goma.

Gwajin da nake yi: in miƙa wa abokin aiki da bai je taron ba takardar, in ba shi minti biyu, in karɓe, in ce ya gaya mini abin da na gano. Idan ya ce "kan maleriya ne", aikin bai yi ba.

Manazarta fa? A silaid sunan marubuci da shekara kawai na sa a ƙasa.

Ki bi silaid ɗin ɗaya bayan ɗaya ki tattaro su, har da na ƙarƙashin hotuna da zanuka. Amma wanda maganarsa ta shiga takardar ne kaɗai zai shiga jerin. Kowane ya samu marubuci, shekara, take, mujalla da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, wadda kullum take farawa da 10. In ba ki da ita, ki nema a search.crossref.org. A Zotero, manhajar tattara manazarta, Add Item(s) by Identifier zai cike sauran bayanan daga lambar, sai ki zaɓi duka ki danna Create Bibliography from Items. Ki duba da idonki bayan haka, domin sunayenmu irin su Ɗanjuma ko Sa'idu sukan fito a gurgunce.

Ga takarda mai shafi biyu na fi son salon Vancouver, wato lamba a jikin magana, cikakken bayani a baya. Mujallun likitanci sun saba da shi, kuma ba ya cin wuri kamar salon APA mai sa sunan marubuci da shekara a jikin magana.

Ki kula da shekara sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara ba da shawarar wannan rigakafi a 2012, ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, zagaye har huɗu. A 2022 ta sabunta shawarar, ta sassauta iyakar shekaru da yawan zagaye. Idan kika rubuta sunan hukumar kawai, mai karatu ba zai san wacce kike nufi ba.

Akwai abin da zan duba kafin in kai wurin buga takardu?

Ki buga kwafi ɗaya baƙi da fari, domin fotokwafi za a yi. Layin ja da kore a zanenki za su koma toka iri ɗaya, don haka ki mai da ɗaya ɗigo-ɗigo, ki rubuta sunan kowanne a jikinsa. Idan silaid ɗinki mai baƙin bango ne, ki sake zanen a kan fari. Girman rubutu kada ya gaza 11. Duk hoton yaro ko majiyyaci da kika haska a ɗakin taro, ki cire shi sai in kina da izinin yaɗa shi, haka ma sakamakon da ba ki wallafa ba tukuna: ko ki cire, ko ki rubuta a fili cewa na wucin gadi ne. Wanda za ki tura ta waya ya zama PDF, ki buɗe shi a wayarki ki danna kowace mahaɗar DOI ki ga ta kai inda ya kamata.