Ma'anar hasashen sigina da lissafin Levinson

Idan aka mayar da muryar mutum lambobi, kamar yadda wayar hannu take yi, ana auna tsayin igiyar sautin sau 8,000 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo shi ake kira samfur. Wanda ya jera waɗannan lambobi ya duba zai ga ba su tsalle barkatai, domin maƙogwaro da baki ba su canza siffa cikin ƙiftawar ido. Samfurin yanzu yana ɗauke da kamannin waɗanda suka gabace shi. Daga nan hasashen sigina na miƙaƙƙen lissafi ya samo ma'anarsa: a ɗauki samfura kaɗan na baya, a ninka kowanne da nauyinsa, a tara su, abin da ya fito shi ne kirdadon samfur mai zuwa. A takardun injiniyoyin sauti za a ga an rubuta LPC.

```
hasashe[n] = a1*x[n-1] + a2*x[n-2] + ... + ap*x[n-p]
kuskure[n] = x[n] - hasashe[n]
```

A nan x[n] shi ne samfur mai lamba n, harafin p kuma shi ne adadin samfuran da ake waiwaya gare su. Tsarin GSM na farko yana yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa samfura 160, wato kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, sannan ya yi aiki da p takwas. Wasu tsare-tsaren murya kuma goma suke ɗauka. Duk aikin yana wajen nemo nauye-nauyen nan, daga a1 zuwa ap, kuma ƙa'idar zaɓensu ita ce idan aka ninka kowane kuskure da kansa aka tara, jimillar ta zama mafi ƙanƙanta.

Da an bi wannan ƙa'ida da lissafi sai a ga samfuran kansu sun ɓace daga cikin tambayar, abin da ya rage kawai shi ne yadda siginar take kama da kanta. Wannan awo shi ake kira otokorileshan, ana rubuta shi R(k): a ɗora siginar a kan kwafinta da aka gusar da tazarar samfura k, a ninka kowane biyu da suka haɗu, a tara. R(0) shi ne ƙarfin siginar gaba ɗaya, R(1) kuma yana nuna kamannin samfur da maƙwabcinsa na kusa. Daga cikinsu ake samun jerin lissafin da ake kira nomal ikweshan, waɗanda kuma ake jingina wa Yule da Walker. Udny Yule ya yi amfani da irinsu a 1927 yana nazarin tabon da ke fitowa a fuskar rana, tun ba a yi tunanin wayar salula ba. Ga siffarsu idan p biyu ne:

```
R(0)*a1 + R(1)*a2 = R(1)
R(1)*a1 + R(0)*a2 = R(2)
```

Abin da suke faɗa a saukake shi ne, idan nauye-nauyen sun yi daidai, kuskuren da ya rage ba shi da sauran alaƙa da ko ɗaya daga cikin samfuran da aka yi hasashe da su, domin da akwai saura da an tatse shi an ƙara rage kuskuren. A lura kuma da yadda R(0) ya jeru a karkace daga sama hagu zuwa ƙasa dama. Komai girman p, kowane layi na karkace lamba ɗaya ce take maimaituwa a kansa, kuma irin wannan jadawali sunan Toeplitz yake ɗauke da shi. Hanyar Gauss ta warware jerin lissafi da ake koyarwa a makaranta ba ta san da wannan tsari ba, don haka aikinta yana ƙaruwa kamar p sau p sau p. Norman Levinson a 1947 ya nuna hanyar da aikinta bai wuce kamar p sau p ba, James Durbin kuma a 1960 ya fitar da sigar da ta dace da wannan matsala, wadda ita ce aka fi amfani da ita yau.

Dabarar hawa ce ta matakala: a warware hasashe da samfur ɗaya, daga amsarsa a gina na biyu, har a kai p. A ce mun auna wata gunduwa, mun raba komai da R(0), muka samu R(0) = 1, R(1) = 0.8, R(2) = 0.5. A matakin farko nauyi ɗaya ne tak, ana kiransa k1, kuma shi ne R(1) a raba da R(0), wato 0.8. Kuskuren da ya rage shi ne E1 = 1 - k1*k1 = 1 - 0.64 = 0.36.

Mataki na biyu shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Da a ce samfur ɗaya na baya ya ƙunshi dukkan labarin, da R(2) ya zama 0.8 sau 0.8, wato 0.64. Amma abin da aka auna 0.5 ne. Wannan giɓi na 0.14 shi ne sabon bayanin da samfur na biyu ya zo da shi, kuma ana auna shi da kuskuren da ya rage, sannan a gyara tsohon nauyi:

```
k2 = (0.5 - 0.8*0.8) / 0.36 = -0.389
a2 = k2 = -0.389
a1 = 0.8 - k2*0.8 = 1.111
E2 = 0.36 * (1 - k2*k2) = 0.306
```

Mai shakka ya mayar da su cikin layi na farko na nomal ikweshan: 1.111 a cire 0.8 sau 0.389 ya ba da 0.8, daidai da R(1). Idan samfurin ƙarshe 10 ne, na gabansa 6, hasashen mataki ɗaya zai ce 8, na mataki biyu kuwa ya ce kusan 8.8, domin ya lura siginar tana kan hawa ne. Kuskure ya sauko daga 1 zuwa 0.36 a matakin farko, amma daga 0.36 zuwa 0.306 kawai a na biyu. Haka ribar take raguwa a yawancin sigina, kuma inda E ya daina sauka sosai, nan ne ƙara p ya zama ɓata lokaci.

A ganina saurin ba shi ne babbar fa'idar wannan hanya ba a yau, tunda warware layi goma ba komai ba ne a wajen kwamfuta. Fa'idar ita ce lambobin k da suke fitowa a hanya, domin su ne shaidun lafiyar lissafin. Tunda kowane mataki yana ninka E da (1 - k*k), kuma jimillar lambobin da aka ninka da kansu ba za ta taɓa sauka ƙasa da sifiri ba, tilas girman kowane k ya kasance ƙasa da 1. Muddin haka ta tabbata, lissafin da zai sake gina muryar daga nauye-nauyen a ɓangaren mai saurare ba zai ƙwace ba. A gwada sa R(2) = 0.2 a misalin nan: k2 zai zama -1.22, E2 kuma kusan -0.18. Babu siginar da za ta ba da waɗannan lambobi, domin idan R(1) ya kai 0.8, R(2) ba zai gaza 0.28 ba. Wanda ya yi watsi da wannan alama ya tura nauye-nauyen haka, abin da zai ji a lasifika ƙara ce mai hauhawa har ta cika ma'auni.

Musabbabin yakan kasance wajen auna R. Wasu sukan raba kowane R(k) da N - k maimakon N, inda N yake adadin samfuran gunduwar, suna ganin ya fi adalci, alhali hakan yana iya rushe tabbacin da ke riƙe k a ƙasa da 1. Wani lokacin kuma siginar ce ta yi tsabta da yawa, kamar fito mai amo ɗaya, sai E ya matso kusa da sifiri, ƙaramin kuskuren yanke lamba ya zama babba idan aka raba da shi. Maganin da aka saba shi ne a ninka R(0) da 1.0001 kafin a fara, tamkar an yayyafa ɗan hayaniya a kan siginar, a kuma lanƙwasa bakin gunduwar da tagar Hamming kafin a auna R. Gunduwar da ta zo shiru tsit kuwa, R(0) ɗinta sifiri ne, sai a duba wannan tun farko a tsallake ta, kada rabawa da sifiri ta tsayar da manhajar.