Saƙon tsirarun kalmomi a akwatin hira

Saƙon tsirarun kalmomi shi ne rubutun da mutum ke jefawa cikin akwatin hira ba tare da ya haɗa jimla ba, kamar yadda ake yi a injin bincike. Yawanci kalma biyu ne zuwa huɗu, babu sallama, babu aikatau, babu alamar tambaya. Misalinsa shi ne wanda ya rubuta wa mai shago a WhatsApp "taki urea farashi", ko ya rubuta wa ma'aikacin laburare "tarihin Gobir". Aikin wanda ya karɓi saƙon shi ne ya gane ko akwai buƙata ta gaske a bayansa, kuma wace iri ce, kafin ya amsa ko ya ƙyale.

Asalin ɗabi'ar

Injinan bincike ne suka koya wa mutane wannan salo. Wani nazari da aka yi a kan ɗaruruwan miliyoyin tambayoyin da aka shigar a injin AltaVista a 1998 ya nuna cewa matsakaicin tsawon tambaya kalma 2.35 ne. Injinan wancan lokaci ba su damu da "don Allah" ko "ina so in sani" ba, sai mutane suka saba da zubar da duk abin da ba sunan abu ba. Da akwatin hira ya bayyana a shafukan kasuwanci, da siffa kusan iri ɗaya da akwatin bincike, sai hannu ya ci gaba da abin da ya saba. Rubutu da babban yatsa a ƙaramar waya ya ƙara wa abin ƙarfi, haka ma rashin tabbacin ko mutum ne zai karanta.

Matsalar kanta ta girmi intanet. A 1968 Robert S. Taylor, masanin aikin laburare ɗan Amurka, ya bayyana cewa buƙatar mai tambaya tana bi ta matakai huɗu: damuwar da bai iya furtawa ba tukuna, sai wadda ya gane a ransa, sai wadda ya tsara da kalmomi, sai ta ƙarshe wadda ya rage mata tsawo don ta dace da abin da yake zaton wurin zai iya ba shi. Tsirarun kalmomi su ne wannan mataki na huɗu. Ke nan gajartar saƙo ba ta nuna ƙanƙantar buƙata. Ta fi nuna abin da mai rubutun ya ɗauki akwatin.

Alamomin da ake dubawa

Abu na farko shi ne ko kalmomin suna tafiya tare, kuma ko sun shafi abin da wurin yake yi. "Batir 200Ah farashi" a wajen mai sayar da kayan sola saƙo ne mai kai da gindi: ga kaya, ga girmansa, ga abin da ake son sani. Lamba, sunan samfuri ko sunan gari alama ce mai ƙarfi, domin wanda ke wasa ba kasafai yake wahalar rubuta 200Ah ba. Akasin haka shi ne haruffan da ke jere a allon rubutu irin `asdf`, ko kalmar `test`, ko tarin kalmomin talla da adireshin wani shafi a ƙarshe. Na farkon gwaji ne ko yatsan yaro, na ƙarshen kuwa talla ce da na'ura ta watsa.

Na biyu shi ne irin niyyar. Andrei Broder, masanin kwamfuta, ya kasa tambayoyin bincike gida uku a 2002: mai neman isa wani wuri, mai neman sani, da mai son aiwatar da wani abu kamar saye. Rabon yana aiki a hira ma. Wanda ya rubuta "reshen Zariya" adireshi yake so, a ba shi a wuce, ba sai an tambaye shi dalili ba.

Na uku, abin da ke kewaye da saƙon: shafin da mutumin yake kai lokacin da ya rubuta, ko ya taɓa sayen wani abu, da ko ya tsaya yana jiran amsa. Kuskuren rubutu da rashin sallama ba hujja ba ne ko kaɗan, ko da yake nan ne ma'aikata suka fi yin kuskure, musamman a ƙasar Hausa inda fara magana ba gaisuwa ke kama da raini.

Misali

A ɗauka mai shagon kayan sola ya sami wannan saƙo da daddare: "inverter 24v kara batir". Kalmomin sun shafi sana'arsa, kuma akwai lamba, don haka buƙata tana nan. Sai dai yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa a haruffa irin ƙ, kuma ko an sa, "ƙara" na iya zama ƙarar da inbata ke yi, tana iya zama ƙarin batir. Fassara ta farko ta mai matsala ce: na'urarsa tana kuka, mai yiwuwa saboda cajin batir ya yi ƙasa ko an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Ta biyu ta mai son saye ce.

Akwai amsoshi biyu marasa kyau. Ɗaya ita ce a turo masa jerin farashi kai tsaye. Idan ƙara ce ta dame shi, an bar shi cikin duhu da takardar ciniki. Ɗayar ita ce "ban gane ba, yi bayani", wadda ke mayar masa da dukan nauyin, alhali wataƙila abin da ya iya faɗa ke nan. Amsar da ta fi ita ce wadda ta ba shi zaɓi biyu da zai amsa da kalma ɗaya, kuma ta zo da ɗan amfani a hannu: "Sannu Malam. Inbatar ce take ƙara, ko batir kake son ƙarawa? In ƙara ce, rage kayan da ke kanta tukuna, ka turo min hoton allonta."

Idan ya ce ƙari yake so, nan ne ainihin buƙatar ke fitowa. Inbata mai 24V da ke aiki da batura masu 12V tana ɗaukar su ne biyu-biyu a jere, saboda haka ba a ƙara guda ɗaya. Kuma haɗa sabon batir da wanda ya tsufa yana gajarta ran sabon. Tambaya ta gaba ita ce shekarun baturan da awa nawa suke kai shi. Sau da yawa sai a tarar abin da ke damunsa shi ne wuta na ɗaukewa kafin asuba, wanda maganinsa na iya zama canza baturan duka ko ƙarin farantan sola, ba abin da ya rubuta ba.

Iyaka

Ba a iya tabbatar da niyya daga saƙo ɗaya. Abin da ake aunawa shi ne asarar kowane kuskure: amsa saƙon banza tana cin sakan kaɗan, ƙyale na gaske kuwa tana iya korar mai saye. Shi ya sa ake jarrabawa da amsa ɗaya. Wanda ke da buƙata yakan dawo da ƙarin bayani ko hoto ko saƙon murya, mai gwaji kuma ya yi shiru, a rufe hirar. Ma'aunin yana sauyawa a wurare biyu. A kantin magani, saƙo irin "paracetamol yaro da yawa" ana ɗaukarsa a matsayin na gaggawa nan take, a ce a kai yaron asibiti kafin a tsaya tantancewa. A harkar banki kuwa, "BVN canza lamba" na iya fitowa daga mai asusun ko daga wanda ya tsinci wayarsa, don haka ana bayyana hanyar da ake bi, amma ba a taɓa asusun sai an tabbatar da wanda ke magana.