Darasin Masu Yi wa Al'umma Hidima

Darasin masu yi wa al'umma hidima darasi ne da ake koya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7, a ajin reno da farkon firamare, domin su san mutanen da jama'a ke dogaro da aikinsu kullum, irin su nas da manomi da direba. Ana gina shi a kan abu biyu: koyon kalmomin sana'a, da wasan kwaikwayo inda yaro zai hau matsayin mai sana'ar ya yi amfani da kalmomin da bakinsa.

Asali

Darasin ya samu gindin zama a tsarin da ake fara koya wa yaro abin da ke kusa da shi, wato gida, sannan makaranta, unguwa, gari, har ƙasa. Paul Hanna na Jami'ar Stanford yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20. Ta fannin wasan kuwa, masanin halayyar yara Lev Vygotsky ya bayyana a wata lacca a 1933 cewa duk wasan da yaro ya ɗauki matsayin wani yana da ƙa'idoji a ɓoye. Yaron da ya ce shi direba ne ba zai saki sitiyari ya koma kujerar baya ba, ko da ba wanda ya hana shi. Da wannan ɗabi'a malami yake aiki.

Kalmomi

Kalmomi kaɗan sun fi yawa amfani. Ga kowace sana'a a ɗauki sunan mai yin ta, da kayan aiki ɗaya, da kalmar aikatau ɗaya: manomi, fartanya, noma, direba, birki, tsaya, nas, bandeji, ɗaure. Tara ke nan, kuma sun isa zama ɗaya. Kalmar aikatau ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ce ke haɗa jimla. Yaron da ya san "bandeji" kawai nuni zai yi da yatsa, amma wanda ya san "ɗaure" zai iya cewa nas ta ɗaure ciwo. Inda hali ya yi, a ba su abin a hannu su taɓa, domin hoto ba ya nuna nauyi ko laushi.

Yadda wasan ke gudana

A darasi na minti 35, ana iya ba kalmomi minti 10, wasa minti 20, sauran kuma tambayoyi. Maimakon wasa uku a rarrabe, ya fi kyau a ɗinke sana'o'in a labari guda. Manomi yana noma, fartanya ta sare shi a ƙafa. Direba ya taka birki, ya ɗauke shi zuwa asibiti. Nas ta wanke hannunta, ta wanke ciwon, ta ɗaure. Kujeru huɗu a jere sun zama mota, murfin bokiti sitiyari, tsumma mai tsabta bandeji, sanda kuma fartanya, don ba a kawo abu mai kaifi ko allura ta gaske cikin aji.

Malami ya fara yi sau ɗaya tare da yara biyu, sannan ya raba ajin uku-uku, kowa da jimla ɗaya da zai faɗa. "Direba, tsaya, na ji ciwo!" "Shigo, mu je asibiti." "Sannu, kawo ƙafar in ɗaure." Daga nan a riƙa musanya har a yi zagaye uku, yadda kowane yaro zai ɗanɗana kowane matsayi. A zagaye na uku malami ya saka 'yar matsala: motar ta ƙi tashi, ko bandeji ya ƙare. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace, domin mai hadda shiru zai yi, ko ya maimaita jimlarsa ko da ba ta dace ba.

Inda ake samun tangarɗa

Matsayin direba yakan cinye wasan. Aji ya cika da ƙugin mota da hon, kalmomi su ɓace. Maganinsa ƙa'ida ɗaya: mota ba ta motsawa sai direba ya faɗi inda za shi. Haka kuma in aka bar yara su zaɓa da kansu, sau da yawa mata za su taru a nas, maza a mota, musanyar kuwa tana warware wannan ba tare da dogon bayani ba. Yara da dama allura kawai suka sani game da nas, wasu ma da ita ake tsorata su, shi ya sa ake zaɓar wanke ciwo da ɗaurewa. Yaro mai kunya ana iya fara ba shi fasinja, ya yi kallo daga cikin motar kafin layi ya zo kansa.

Tambayar ƙarshe da ta fi auna fahimta ba "wane ne ke tuƙa mota?" ba ce. Ita ce: "Da direba bai tsaya ba, me zai faru da manomi?"