Ƙayyadadden kuɗin samarwa

Ƙayyadadden kuɗin samarwa shi ne adadin da masana'anta ke tsayarwa tun kafin a fara aiki, a matsayin abin da ya kamata a kashe wajen samar da kaya guda ɗaya, kamar buhun shinkafa ko jarkar man gyaɗa. Idan an gama aiki sai a auna abin da aka kashe a zahiri da wannan adadi, a bi sawun ratar da ke tsakani. Tsarin ya bunƙasa ne a masana'antun Amurka a farkon ƙarni na 20, lokacin da injiniyoyi irin su Frederick Taylor suka riƙa auna aikin leburori da agogo. Kashi uku ake tsayarwa: ɗanyen kaya, ladan aiki da kuɗin ɗawainiya. Kowane kashi yana da ƙafa biyu, wato yawan abin da ake bukata da kuma farashinsa. Bayanan kuwa daga wuri uku suke fitowa: awon injiniya, farashin da masu kawo kaya suka faɗa, da littafin ayyukan baya.

Misalin da ke biye na ƙaramar masana'antar casar shinkafa ne irin waɗanda ake gani a yankin Kura a Kano ko kwarin Haɗejia a Jigawa. Alƙaluman duk na misali ne, kuma ma'aunin shi ne buhu mai kilo 50 na gyararriyar shinkafa.

Ɗanyen kaya

Nan ne mafi yawan kuɗin yake, don haka nan ake daɗewa. Tambayar farko ita ce kilo nawa na shanshera ke ba da buhu ɗaya. A ce takardar injin ta nuna kilo 68 a cikin kowane 100, littafin shekarun baya kuma ya nuna 60. Ba a ɗaukar ko ɗaya ido rufe. Na takardar an auna shi ne da shanshera tsaftatacciya wadda ta bushe daidai, danshinta wajen kashi 14 cikin 100, a sabon inji. Na littafi kuwa ya haɗiye duk wani sakaci na baya: abin da ya zube a shanya, abin da ɓera ya ci, har da wanda ya bi ta bayan katanga. Wanda ya mai da shi ma'auni ya halatta ɓarnar ke nan. Abin da ake yi shi ne gwaji: a auna buhuna kaɗan a kan sikeli, a turara, a shanya, a casa a gaban idon mai lura, a sake aunawa. Idan gwajin ya ba da kilo 62.5, to buhu ɗaya na bukatar shanshera kilo 80. Buntu, tsakuwa da danshin da ba makawa sai sun fita duk suna cikin wannan lissafi.

Farashi kuma ba shi ne wanda dillali ya faɗa a kasuwa ba, wanda kaya ya iso ƙofar sito da shi ne. A ce kilo 100 naira 40,000 ne, mota 1,500, dako da la'ada 500. Jimla 42,000, wato naira 420 kowane kilo. Akwai tarko biyu a nan. Na farko, a karkara da buhu ake ciniki, kuma buhu ba ya rantsuwa cewa kilo 100 ne, saboda haka sai an mayar da kowane tayi zuwa kilo kafin a gwama shi da wani. Na biyu, farashin kaka daban, na bazara daban. Mai sayen kashi uku cikin huɗu na kayansa da kaka dole ya ba farashin kaka nauyi uku, na bazara ɗaya, maimakon ya raba su biyu.

Kilo 80 a kan 420 ya kama 33,600. A ƙara 400 na buhu da zare, a cire 1,000 da ake samu daga sayar da dusa da karyayyar shinkafa. Ɗanyen kaya ya tsaya a 33,000.

Ladan aiki

Matan da ke turarawa jinga ake ba su, a ce naira 1,000 kan kilo 100 har da itace, wato 800 a buhu. Wannan ba ya bukatar agogo. Masu yini a bakin inji ne ke bukata. An auna an ga buhu na cin minti 8. A yinin awa 8, wato minti 480, ana ware 80 don salla, abinci da share rariya, saura 400, buhu 50 ke nan. Leburori biyar sun ba da awa 40, kowane buhu ya ci kashi 0.8 na awa. Idan ladan yini 4,000 ne, abinci 800, awa ta kama 600, buhu kuma 480. Jimlar lada 1,280. Da an ƙi ware minti 80 ɗin, da ma'aunin ya zama buhu 60, adadin da ba wanda zai cimma, kuma ma'aikata kan daina kula da ma'aunin da kullum yake nuna sun gaza.

Kuɗin ɗawainiya

Wani yana tafiya da aiki, wani ko inji na kwance sai an biya. Dizal na cikin na farko: lita 6 a awa kan naira 1,500, 9,000 ke nan, a raba wa buhu 7.5 da injin ke fitarwa a awa, ya ba da 1,200. Haya, albashin mai gadi, gyara da tsufan inji na cikin na biyu, a ce miliyan 6 a shekara. Rigimar tana wajen abin da za a raba su da shi. Littafin baya ya fi amfani a nan, domin shi ke nuna kwanakin da injin ke aiki da gaske bayan an cire ranakun da damina ta hana shanya da lokacin da shanshera ta yanke. Kwana 200 sau buhu 50 ya ba da 10,000, kowane buhu ya ɗauki 600. Wanda ya yi lissafi da kwana 300 zai ga 400, ya sayar da araha, ƙarshen shekara ya tarar da giɓin miliyan 2.

Ƙayyadadden kuɗin buhu ɗaya ya zama 33,000 da 1,280 da 1,200 da 600, wato naira 36,080.

Karanta rata

A ce a wata guda an fitar da buhu 1,000, an ci shanshera kilo 84,000 a kan naira 410. Ta fuskar farashi an rage naira 10 a kowane kilo, rarar 840,000. Ta fuskar yawa kuma an zarce kilo 80,000 da 4,000, wanda a farashin ma'auni na 420 asarar 1,680,000 ce. Mai sayayya zai yi tutiya da arahar da ya samo, a ɗora wa mai inji laifi, alhali sau da yawa tushen ɗaya ne: shanshera mai danshi ko ƙasa aka sayo. Ana tabbatarwa ta auna buhu ranar da ya iso da kuma bayan an sheƙe ya bushe.

Ma'aunin yawa kan daɗe bai canza ba, sai an sauya inji ko irin shinkafa. Na farashi kuwa saurin tsufa gare shi, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin fetur a 2023, lokacin da kuɗin mota ya tashi cikin 'yan kwanaki. Idan rata ta dinga faɗawa ɓangare ɗaya wata uku a jere, ana komawa a nemi sabon farashi daga masu kawo kaya aƙalla uku, a sake tsayar da ƙafar farashi, a bar ta yawa yadda take.