Tallan injin jajjage na hannu mai igiya a kasuwa: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Minti nawa ya kamata in yi ina magana?

Minti biyu. Matar da ta fito cefane ta bar tukunya tana jiranta, ba wa'azi ta zo saurare ba.

Da wace magana zan buɗe?

Bar maganar, fara da hannu. Jefa attaruhu huɗu da albasa ɗaya da ka raba huɗu cikin kwanon, ka rufe murfin ya zauna daram, ka ja igiyar. Ƙarar ce ke tsayar da mai wucewa. Sai an juyo za ka ce: “Hajiya, dubi jajjage ba turmi, ba wutar NEPA, ba raɗaɗin attaruhu a hannu.” Don Allah a daina buɗewa da “sabon kaya daga waje”, kowane mai tebur haka yake faɗa.

In haddace ne ko in riƙa faɗin abin da ya zo bakina?

Haddace gajerun maganganu huɗu, kowace ka ɗaure ta da abin da hannunka ke yi: ta zubawa, ta ja, ta buɗe murfi, ta wankewa. Ka riƙa ƙirga jan da babbar murya. Ja biyar ko shida na ba da jajjage mai gara-gara na miyar taushe ko wake da shinkafa, goma zuwa sha biyu ya yi laushi. Gwada naka a gida sau ashirin, domin kaifin wuƙaƙe ya bambanta. In ka ce ja biyar aka ga sai goma, sauran maganarka ta zama ƙarya a kunnensu.

Igiyar tana maƙale mini, injin ne ba shi da kyau?

Galibi kai ne. Ka cika kwanon ya wuce rabi, ko ka jefa albasa ɗungurungum, ko kana ja a karkace. Dafe murfin da hannu ɗaya, ja a miƙe, kuma ka raka igiyar ta koma, kada ka sake ta ta fizge. In ta faru a gaban jama'a, kwantar da hankalinka: buɗe, rage kayan, ka ce “kun ga abin da ke faruwa in an cika shi”. Ya zama darasi.

Ina tsakiyar nunawa sai wata ta ce “nawa ne?” In faɗa ko in jira?

Wannan ba ta da amsa ɗaya. A mafi yawan lokuta gara ka jinkirta kaɗan, domin kuɗin da aka ji kafin a ga jajjagen tsada ne, ko nawa ne. Ka ce: “Mama, bari ki ga aikinsa, yanzu zan faɗa,” ka ƙarasa jan, ka buɗe. Amma jinkirin kada ya wuce buɗe murfin. In ta sake tambaya ka sake kaucewa, za ta ɗauka kana auna zanenta ne kafin ka yanka mata kuɗi, ta wuce, wasu su bi ta.

Ya kuma danganta da wurin. A kasuwar ƙauye ta mako, inda ba mai saye ba tayi, ka bar gurbin ragi. A ce ka saro a ₦3,000, kayan miyan gwaji da kuɗin mota sun ɗora ₦300 kan kowane ɗaya. Kana iya ambata ₦4,500 ka sallama a ₦4,000, amma ka san ƙasanka tun daga gida. A bakin titi kuwa, inda mutane ke sauri, wataƙila kuɗi ɗaya da ba ya motsi ya fi, ko da ka rasa masu son tayi. Abin da dai ba na so shi ne ka rage wa ɗaya a gaban mutum goma, domin kuɗin da ka sallama ya zama na kowa. In ragin ya zama dole, ɗaure shi da sayen biyu.

In aka ce zai markaɗa waken ƙosai?

Ka ce a'a. Sara yake yi, ba ya niƙa. Haka busasshiyar citta, tana dakushe wuƙaƙen. Wanda ya ce “yana yin komai” zai ga kayansa sun dawo ranar kasuwa mai zuwa.

In bar mai kallo ta ja da kanta?

Ƙwarai, amma kai za ka zuba, kai za ka rufe, kuma kada wuƙaƙen su shiga hannun kowa, balle yara. Da albasa za ta gwada. In attaruhu ne a ciki, kau da murfin daga fuskokin mutane kafin ka buɗe, in ba haka ba tari da atishawa su watsa maka taro. Ajiye bokitin ruwa a gefe ka ɗauraye kwanon bayan kowane zagaye.