Bankwana da Maigidanka a Ofis Wanda Kuma Abokinka Ne

Tambaya: Mataimakin daraktanmu a Sakatariyar Audu Bako ya samu ƙarin girma, zai koma wata ma'aikata, kuma ni aka ce in yi jawabi a madadin ma'aikata. Unguwarmu ɗaya, majalisarmu ɗaya. In ce masa "ranka ya daɗe", ko in yi magana yadda muka saba?

Amsa: Ka ce "ranka ya daɗe", ka kuma ambaci muƙaminsa. Abin da za ka fara dubawa shi ne su wa ke zaune a ɗakin. Akwai masinja, akwai direba, akwai ƙananan ma'aikatan da aka ɗauka bara, wataƙila da Babban Sakatare a kujerar gaba. Duk yadda ka kira shi a gabansu, ka nuna musu iyakar da za su iya kaiwa ke nan. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. In ka miƙe ka ce "mutumina", shi mai yiwuwa ya yi murmushi don ya san zuciyarka, amma sauran za su ɗauka ko dai raini ne, ko kuma kana nuna musu kai na hannun daman oga ne. Na biyun ya fi ciwo, domin shi zai tafi, kai kuwa da su za ka ci gaba da zama.

Akwai kuma maganar wakilci. Tunda da bakin ma'aikata za ka yi magana, "mu" za ka riƙa cewa, ba "ni" ba.

Tambaya: To ba zai ji kamar na ja baya da shi ba?

Amsa: Zai ji haka ne kawai idan jawabin ya zama irin wanda za a iya karanta wa kowane darakta: "mutum ne mai haƙuri, mai gaskiya, mai riƙon amana", shi ke nan a zauna. Abota tana fitowa ne a cikin abin da ka zaɓa ka faɗa. Kai ka san abin da ba kowa ya sani ba, sai ka ɗauko abu ɗaya na alheri, wanda ba sirri ba ne, ka faɗe shi da harshen girmamawa. Ga yadda zan tsara shi da ni ne:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mataimakin Darakta, a madadin ma'aikatan wannan sashe muna taya ka murna. Ba za mu manta da azumin da ya wuce ba, lokacin da aikin kasafin kuɗi ya tsare mu har magariba. Yallaɓai bai tafi gida ya bar mu ba, ya aika aka sayo ƙosai da kunu, ya zauna a kan tabarma muka sha ruwa tare. Muna roƙon a yafe mana duk inda muka kuskure. Allah ya taya riƙo, Allah ya sa alheri a sabon wurin aiki."

Dubi abin da ke ciki. Kiran na girmamawa ne daga farko har ƙarshe, amma labarin ƙosai da tabarma na wanda ya zauna kusa ne. Ka kuma lura da "a yafe mana". Wannan "a" ɗin, wadda ba ta nuna mutum kai tsaye, ita ce Bakano ke tausasa magana da ita idan yana gaban babba. "Ka yafe mana" ba laifi ba ne, sai dai "a yafe mana" ta fi ladabi, kamar yadda "a sauka lafiya" da "a gaida gida" suka fi "ka sauka lafiya" da "ka gaida gida" dacewa a gaban jama'a.

Abin da ba zai shiga jawabin ba shi ne sunan tsokanar da ake kiransa da shi a majalisa, da zancen iyalinsa, da bashin da ya taɓa shiga tsakaninku ko da an biya, da duk wani barkwancin da sai ku biyu za ku gane. In aka yi dariya a kujeru biyu sauran ɗakin ya yi tsit, ka san ka fita daga layi.

Tambaya: Yaushe ke nan zan yi masa bankwana irin ta aboki?

Amsa: Wajen rakiya. Bayan an shafa fatiha an watse, ka karɓar masa jaka ko kyautar da aka ba shi, ka taka masa zuwa mota. Tsakanin ƙofar ofis da inda direba ke jira, nan ne wurin "to Yaya, sai mun haɗu da daddare" ko "Allah ya bar zumunci, kada dai sabon ofis ya ɓoye mana kai."

Ko a nan ma, bari shi ya fara sassautawa. Babba ne ke sauko da magana, ƙarami ya bi. Alamun ba su da wuyar ganewa: ya kira ka da sunanka maimakon "Malam wane", ya riƙe hannunka bayan musabaha bai saki ba, ko ya ce "kai dai bari" ya soma ba ka labarin yadda takardar ta zo. In kuwa ya tsaya a "to madalla, mun gode, Allah ya yi albarka" yana waige-waige, akwai wanda yake jin nauyinsa a kusa. Ka ce "a sauka lafiya, ranka ya daɗe", ka ajiye sauran sai majalisa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin canjin fuska.

Tambaya: Saƙon waya fa?

Amsa: A zauren WhatsApp na ofis, rubuta kamar kana cikin taron, domin mutanen nan ne dai suke karantawa, kuma rubutu yana zama. Saƙon da za ka tura masa shi kaɗai, yi shi yadda kuka saba.

Tambaya: Idan ritaya ce ba canjin wurin aiki ba, ko kuma shugabar mace ce?

Amsa: Addu'ar ce ke sauyawa. "Allah ya taya riƙo" ta wanda aka ɗora wa sabon nauyi ce. Wanda ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, ya sauke nauyi ne, don haka sai a ce "Allah ya sa an gama lafiya ke nan, Allah ya ba da lada, ya sa albarka a abin da ya rage." A ganina mai ritaya ya fi kowa buƙatar a cika masa girmansa a ranar, domin yana sane da cewa daga gobe ba mai kawo masa fayil ya sa hannu. Abokin da ya yi saurin sauke "yallaɓai" a ranar zai iya sosa masa rai ba da niyya ba. Ka ci gaba da kiransa Darakta ko bayan ya bar kujera, har sai in shi ya hana.

Idan mace ce, "ranki ya daɗe" da "Hajiya" su ne na taro. Mace 'yar'uwarta za ta iya komawa "Anti" ko "Yaya" wajen rakiya. Namiji kuwa, ko sun shaƙu a wurin aiki, gara ya tsaya a kan harshen girmamawa a ciki da waje, ya rufe da "a gaida Alhaji da yara."